Rigar Amaryar da Na Rataye a Ƙofar Shago

Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida gwaggonki Hanne da mutanen gidanta. Allah ya sa kin tashi lafiya, ya tsare ki a inda kike da inda kika nufa. Mu nan lafiya lau, an shiga yankan gero, babanki tun da sassafe yana gona. Gaisuwar ke nan, don ba ita ce ta zaunar da ni ba.

Kin san ba na son rubutu. Bokona na yaƙi da jahilci ne, hannuna ya fi sanin almakashi a kan biro. To amma shekaranjiya da na buɗe baki ihu ne ya fito, ke kuma kika suri jakarki kika tafi Tsanyawa, wai daga can za ki hau motar Kaduna ranar Asabar ki je ki buɗe shagonki. Takarda dai ba ta ihu, kuma ba za ki iya katse ta ki ce mata "Inna, zamani ya canza" ba. Saboda haka ki zauna ki karanta har ƙarshe, ko ranki yana so ko ba ya so.

Har yanzu raina a ɓace yake, kada ki ɗauka na huce. Maryama 'yar gidan Tasalla ta kawo miki leshin kamunta, bikinta saura kwana tara. Kika ɗinka, ɗinkin ya yi kyau, ban hana miki wannan ba, ni na koya miki. Sai kika shimfiɗa rigar a kan gadona, kika ɗauke ta hoto gaba da baya, kika sa a waya kowa ya gani. Kafin magariba 'yan matan da ke zuwa ɗibar ruwa sun san wuyan rigar Maryama da hannunta, har wata daga Shanono ta kira ki tana son irinta kafin ranar bikin, kika ce mata to. Da na yi magana kika kalle ni kika ce, "Inna, ai talla ce, a birni haka ake yi." A birni! Ke da iyakarki da Kaduna zuwa suna sau biyu, ni za ki gaya wa yadda ake yi a birni?

To bari ki ji abin da ban taɓa gaya miki ba. Kin tashi kin ji ana cewa na taɓa zama a Kaduna, na dawo saboda ruwan garin bai karɓe ni ba. Ni na ƙirƙiri wannan maganar. Ruwan Kaduna bai yi mini komai ba. Shago na buɗe a can, na rasa shi cikin wata goma sha ɗaya, kuma da hannuna na rushe shi.

Lokacin ba a haife ki ba, yayanki ne a bayana. Babanki ya samu aikin tuƙi a can, muka tattara muka bi shi. Na tafi da kekena mai ƙafa, wannan dai da kike shirin tafiya da shi, na tafi da wani girman kai da ya fi keken nauyi. A nan ƙauye duk wadda za ta aurar da 'ya daga nan har bakin kogin Watari ni take nema. Na ɗauka idan na sauka a Kaduna garin zai ji a jikinsa.

A bayan wata kasuwar unguwa akwai layin teloli mata, shaguna tara a jere, rufin kwano ɗaya ya haɗa su. Na ƙarshe babu kowa a ciki. Babanki ya ga mai ginin, aka ba mu mukulli. Washegari na share, na kafa keke, na rataye tef a wuya, na zauna ina jiran mutane. Na yi wa matan layin sallama daga bakin ƙofa, suka amsa, na ɗauka an gama.

Ashe ba a fara ba. Shago na mai gini ne, amma layi na Hajiya Yalwa ne, wata dattijuwa mai tabarau da ke shago na farko, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin. Babu takardar da ta naɗa ta, babu wanda zai ce miki je ki gaishe ta. Amma duk wadda ta zo sabuwa, kafin allurarta ta taɓa yadi, takan je da goro da ɗan sabulu ta zauna a ƙasa ta faɗi sunanta da garinsu da wanda ya koya mata ɗinki. Daga nan Hajiya Yalwa za ta zagaya da ita shago shago, ta kai ta wurin mai wibin, mutumin da ke da injin da ke kame bakin yadi kada ya zare, wanda duk layin shi suke kai wa aiki, ta ce masa, "Wannan tamu ce." Kalma uku ke nan, ni kuma ban same su ba. Sai in kai riga wibin da hantsi, in ga waɗanda suka zo bayana sun karɓa sun tafi, tawa tana ƙasan tuli har la'asar. In na yi magana ya ce, "Malama, ai layi ake bi." Wata biyu ina zaginsa a zuciyata, ban gane ba shi ne mai laifin ba.

Saboda haka ranar da kika sauka, kada ki kwance igiyar da aka ɗaure keken nan sai kin tambayi wace ce babba a wurin. Ko yarinya ce sa'arki, ko ɗinkinta bai kai rabin naki ba, ki je ki durƙusa. Ba za a ce miki ki zo ba, ido kawai za a zuba miki a ga ko an yi miki tarbiyya.

Abu na biyu, da na ga shiru ba kowa, sai na karya kuɗin ɗinki. Abin da suke karɓa a riga da zani, na ce ni a ba ni rabinsa da ɗan ɗori. Aka kuwa zo. Amma wa ya zo? Duk matar da ta gama rigima da telolin layin, mai kawo yadi huɗu ta ce a fitar mata da riga da siket da ɗankwali har da rigar 'yarta, mai zuwa da safe ta ce da yamma take so. Su na kwasa. Matan layin kuma na cire musu abinci daga baki ba tare da na ƙoshi ba. Layi yana da farashinsa da aka daidaita a kai. In kina son ki yi wa mutum alheri, ki ƙara masa kyan aiki, ki sa wa kayansa shafin ciki mai kyau, ki goge ki ninke, ki mayar masa da ragowar yadinsa har ƙyallen da bai kai tafin hannu ba. Amma kada ki taɓa farashin da ba ke kika yanka ba.

Na uku shi ne wanda har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Maƙwabciyata a layin sunanta Larai, bango ɗaya ya raba mu, ina jin ƙarar kekenta tana jin tawa. Ranar nan wata mata ta shigo mini da riga a leda, ta ce ta matse ta a hammata, in gyara. Na juya rigar na ga an yanke hannun ba a bar komai a ciki ba, babu ko faɗin yatsa da za a buɗe, fulawar atamfar kuma a gaba tana kallon sama, a baya tana kallon ƙasa. Na fito bakin ƙofa inda haske yake, na ɗauki reza ina farke ɗinkin, ina dariya, na ce da ƙarfi, "Wace mai ido ɗaya ce ta yi miki wannan aika-aikar?"

Ƙarar keken Larai ta tsaya. Matar ta sunkuyar da kai ta nuna bango da haɓa.

Larai ba ta fito ba. Bayan ɗan lokaci kekenta ya ci gaba. Daga baya na san cewa a layi ba a farke ɗinkin maƙwabciya. In an kawo miki, ki tambayi wanda ya ɗinka. In 'yar layi ce, ki ce wa mai rigar ta mayar mata, ko ke ki ɗauka ki shiga wurinta ki ce, "Ga mutuniyarki ta zo, in taya ki ne?" Ita za ta ce ki taya ta, a rufa wa juna asiri, don ke ma ranar da almakashinki zai zame tana nan tafe. Ni ko na tsaya a tsakiyar layi na yi wa mace tsirara a kan sana'arta. Kuma abin haushin, gaskiya na faɗa, ɗinkin bai yi ba. Wannan gaskiyar ce ta hana ni ba ta haƙuri.

Duk da haka hannuna ya fara yi mini suna, don yanka kam na iya, wannan ko maƙiyina ya sani. Wata yarinya da na yi wa doguwar riga ta sa ta zuwa walima, ƙawarta ta gani ta tambaya. Ƙawar ita ce Bilki, amarya, 'yar wata Hajiya Kulu da duk unguwar ke ganin girmanta. Gidan nan shekara da shekaru Hajiya Yalwa ce ke musu ɗinki. Bilki ta dage sai ni. Uwar ta biyo ta ba don ranta ya so ba, ta tsaya a bakin shagona tana kallon rufi da ƙasa, ta ajiye mini leshi.

Sa'adatu, ban taɓa riƙe yadi irin wannan ba. Ruwan zuma ne, mai nauyi, bakinsa yankakke kamar ganye. Daga akwatin lefe aka ciro shi, shi ne na saman akwati, wanda dangin ango za su zuba ido su gani a jikinta ranar kamu. Bilki ta zaro wata takarda daga jakarta, ta zana wuyan da take so da hannunta, ta ce wata uku tana tunaninsa, ba ta taɓa ganinsa a jikin kowa ba. Wuyan ya sauko ta gefe ɗaya ya naɗe kamar kunnen ƙwarya, hannun kuma ya matse har gwiwa sannan ya buɗe. Na auna ta, kafaɗa, ƙirji, ƙasan ƙirji, ƙugu, tsawon hannu da zagayensa, na rubuta. Da za su fita Hajiya Kulu ta juyo ta ce, "To tela, amana ce." Na ce, "In sha Allahu, Hajiya." Ni a zatona tana nufin kada in lalata yadin ko in rage mata wani abu a ciki.

Kwana biyu ban sa almakashi ba. Sai da na yanka wuyan a takardar siminti, na gwada a tsohon zanina har sau uku, sannan na shimfiɗa leshin na zana da alli. Leshi ba atamfa ba ne, in kika yanka kin yanka, babu ƙari babu ciko. Na juya shi yadda bakin nan mai ganye zai faɗo a ƙasan siket da bakin hannu, na daidaita fulawar ta haɗu a ɗinkin gefe har ba za ki ce an haɗa ba. Na sa gam a wuyan don ya tsaya, na yi shafi mai laushi, na bar faɗin yatsa biyu a ciki ko amarya za ta ƙara jiki. Zip ɗin da hannu na kafa shi. Ko wibin ban kai ba, don kada a jefa mini shi ƙasan tuli, da allura na bi bakin na kame shi kaf. Na gama saura kwana bakwai kamu.

To ga inda ƙauyancina ya kashe ni. Kin san yadda muke yi a nan. In na gama ɗinki sai in rataye shi a igiyar zaure, mai shi in ta aiko ko ta wuce ta ga nata ya fito, ta shigo ta karɓa. Igiya a wurinmu sanarwa ce kawai, kowa ya san rigar wance ce, babu mai kallonta sau biyu. Haka na yi. Na goge rigar Bilki, na sa ta a hanga, na rataye ta a ƙusar da ke saman ƙofar shagona, ta waje. Kuma kada in yi miki ƙarya a takardar da nake zaginki a kan gaskiya: ba sanarwa kaɗai nake yi ba. So nake Larai ta gani, so nake Hajiya Yalwa ta ɗaga tabaranta ta gani, su san 'yar ƙauyen da suke wa kallon banza ta fi su.

Suka kuwa gani. A layin teloli na birni, abin da aka rataye a waje samfur ne. Ma'anarsa ga abin da na iya, duk mai so ya zaɓa, duk telan da ya ga zai iya ya kwaikwaya, ba a ce ya yi sata ba. Shi ya sa kayan amarya ba sa ganin rana. Ana ɗinka su a can ƙurya, in mutum ya shigo a ja zani a rufe, in an gama a ninke a sa a leda baƙa a tura ƙarƙashin tebur. Ko 'yan layin ba sa tambayar juna. Kowa ya san wannan, shi ya sa babu wanda ya ga dalilin faɗa. Da ina da uwa a layin, da tun kafin in sauko daga kan kujerar da na taka wata ta ce mini, "Ke, sauke!" Amma ni ban gaida kowa ba, na karya musu farashi, na tozarta ɗaya daga cikinsu. Shaguna takwas suka kalli rigar nan, suka kalli juna, kowa ta mayar da kanta kan kekenta.

Kwana biyar tana rataye. Mata suna tsayawa, suna taɓawa, suna juya wuyan su ga yadda aka yi. Ni ina ciki ina jin daɗi kamar an ba ni kujerar Makka. Biyu suka ce in yi musu, na ce aiki ya yi mini yawa sai bayan sati. Suka shiga shagon Larai.

Saura kwana biyu kamu, da hantsi, Bilki da uwarta suka zo karɓa. Ina hango su na miƙe ina washe baki. Bilki ta tsaya cak a tsakiyar layi. Ba ni take kallo ba, ba ma rigarta take kallo ba. Ƙofar Larai take kallo, inda wata 'yar unguwarsu, wadda ita ma an gayyace ta bikin, ke tsaye gaban madubi tana gwada riga ta atamfa mai wuyan nan sak, naɗin gefe ɗaya, hannu matsattse har gwiwa. Wata irinta kuma tana kan keke ba a gama ba. Bilki ba ta yi ihu ba, ta sa gyale ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna rawa.

Hajiya Kulu ta ɗaga kai ta dubi rigar a kan ƙusa, ta dube ni. Ta ce, "Tun yaushe take nan?"

Na ce, "Tun ranar Lahadi na gama, Hajiya, ai ban saɓa alkawari ba."

Ta ce, "Na ce miki amana ce."

Na ce, "Ga ragowar yadinki nan a ninke, ko zare ban ɗauka ba. Ki duba ɗinkin, in kin samu kuskure ɗaya ki tsinka mini mari."

Ta ce, "Ba yadi na ba ki amana ba, baiwar Allah. Ranar 'yata na ba ki, kin raba wa 'yan kasuwa."

Na sauko da rigar na miƙa mata, ta ƙi karɓa. Ta ce in mayar inda na ciro ta, in ci gaba da ratayawa tunda abin da na ɗinka ta dominsa ke nan. Ta kama hannun 'yarta suka shiga shagon Hajiya Yalwa. Kafin azahar an kawo wani leshin daga gida, wanda bai kai na farko ba. Na ga abin da ban taɓa gani ba: Hajiya Yalwa ta yanka, wata ta ɗauki hannu, wata ta ɗauki siket, mai wibin ya ture duk aikin gabansa, an ja labule. Layin nan gaba ɗaya ya zama shago ɗaya, ban da nawa. Cikin yini biyu suka fitar da amarya. Duk da haka dangin ango sun nemi leshin saman akwati a jikinta ba su gani ba, aka yi ta ƙananan maganganu, har da masu cewa an sayar. Yarinyar da ba ta yi wa kowa komai ba ta shiga gidan miji da wannan a kanta.

Yanzu ki buɗe kunnenki, don duk abin da na faɗa a baya ba shi ne ya kore ni ba. Bayan biki da kwana biyu, Hajiya Yalwa da kanta ta tako har shagona, karo na farko. Ta zauna a bencin masu jira, ta ɗauki rigar ta juya cikinta, ta daɗe tana bin bakin da na kame da allura. Ta ce, "Wa ya koya miki?" Na ce innata. Ta ce, "Ta iya koyarwa. 'Yata, gobe bayan la'asar ki sa mayafinki ki same ni, mu je gidan Hajiya Kulu tare. Ke dai ki durƙusa ki ce kin yi kuskure, sauran maganar ki bar mini. In mun dawo ki leƙa wurin Larai. Daga nan an wuce wurin."

Kin san abin da uwarki ta ce? Na ce, "Hajiya, ni ban ga kuskuren da na yi ba. Ba wanda ya gaya mini. Wadda ta kwaikwayi ɗinkina ita ya kamata ta je." Ta cire tabaranta ta goge da bakin mayafi, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta tashi. Babanki ma da na ba shi labari ya ce in je, na ce masa ya tsaya a kan sitiyarinsa.

Babu wanda ya zage ni bayan nan, babu wanda ya ce in tashi. Ana amsa sallamata lafiya lau. Sai dai labari ya zaga gidajen unguwa cewa telar shagon ƙarshe ba ta da ciki, abin da ta gani sai ta baza. Mace kuwa ba yadi kaɗai take kawo wa tela ba. Tef ɗinki ne ke fara sanin ta samu ciki kafin ta gaya wa uwarta, ke kike ganin tabon da take ɓoyewa, ke kike sanin wadda ta juya tsohon leshi don a ce sabo ne. Wa zai tsaya gaban wadda ba ta iya rufe leda ba? Azumi ya zo, lokacin da tela ko ruwan buɗa-baki a kan keke take sha, kowane shago kaya har rufi. A layin in aiki ya yi wa mace yawa takan tura wa maƙwabciya, amma ko cin bakin zani ba a turo mini ba. Ina zaune ina kaɗa ƙafar keke babu komai a ƙarƙashin allura, don kada a ji shagona shiru. Bayan Sallah na mayar da mukulli. Da aikin babanki ya ƙare muka dawo gida, na ce wa mutane ruwa ne.

Shekara ashirin da wani abu ina jin haushin matan nan, ina cewa da sun so da sun faɗa mini. Har yanzu ina jin haushinsu, ba zan ɓoye ba. Amma sau ɗaya aka buɗe mini ƙofa, dattijuwa ta tako da ƙafarta, ni na rufe. Shekaranjiya da kika nuno mini wayarki kina cewa ba ki ga laifinki ba, ai ɗinkin ya yi kyau, wallahi muryata na ji a bakinki, shi ya sa na yi ihun da na yi. Wayar nan taki ƙusa ce a saman ƙofa, sai dai tawa layi ɗaya ya gani, taki kuwa har Shanono.

Ki buɗe ƙullin da Hanne za ta ba ki tare da takardar nan. Rigar Bilki ce, tana ƙasan adakata tun kafin a haife ki. Ki juya cikinta ki bi ɗinkin da yatsa, ki nemo mini kuskure ɗaya. Ba za ki samu ba. Ki tafi da ita Kaduna, ki sa a ƙarƙashin teburinki, kada ki kuskura ki rataye ta.

Ga abin da za ki yi kafin Asabar. Ki cire hoton nan. Ki kira ta Shanono ki ce mata sai bayan biki. Ki karɓo rigar Maryama ki sake mata hannu, na duba ragowar leshin zai isa, ki yi mata wanda ido bai gani ba. Sannan ki sa mayafi ki je gidan Tasalla ki durƙusa. Kada ki ce mata talla ce, kada ki ce ba ki sani ba, kada ki ce ɗinkin ya yi kyau. Tasalla ba ta ce mini komai ba, jiya ma mun haɗu a wurin niƙa ta gaishe ni da fara'a, kuma na san irin wannan fara'ar, na sha ta wata huɗu a Kaduna.

Keken yana nan na sa masa mai, na canza masa bel, babanki ya ɗaure shi a buhu zai sa a motar kasuwa ya same ki. Ya ce in gaishe ki, ya ce shi babu ruwansa a tsakaninmu. Amma in kin buɗe ƙasan keken za ki ga babu ƙoshiya, ƙarfen da ke riƙe zaren ƙasa. Kin san in babu ita allura sai dai ta yi ta huda yadi, ɗinki ba zai kama ba. Na cire ta na ƙulle a ƙyalle, na kai wa Tasalla ajiya da safen nan, na ce mata za ki zo karɓa da kanki.

Na sani sarai ana sayar da ƙoshiya a kasuwar Tsanyawa, kuɗinta bai kai na kwanon gero ba. Kina iya saya ki hau motarki, babu mai tare ki, ni ma ba zan ƙara cewa komai ba. Zan dai riƙa tambayar Tasalla ko ajiyata tana nan.

Allah ya kiyaye hanya, ya raba ki da sharrin ƙarfe da na mutum, ya haɗa ki da Hajiya Yalwar wurin da za ki, ya ba ki kunnen da ni ban yi da shi ba. Allah ya sa albarka a hannunki. Ki gaida Hanne, ki ce mata ta daina goyon bayanki.

Ni ce innarki,
Abu